Zurfi Kafin Rodi: Yadda Injiniya Ke Lissafa Bim Ɗin da Zai Ɗauki Bene

Duk wanda ya taɓa ɗora bene ya san tambayar da ke fara fitowa daga bakin mai gini idan ya hau ya duba aikin masu ɗaurin rodi: "Rodi nawa aka sa a bim ɗin nan?" Idan aka ce masa huɗu, sai ya ce a mayar da su shida don hankalinsa ya kwanta. Da wuya ka ji ya tambayi zurfin bim ɗin, in ma ya yi maganarsa, to so yake a rage shi don kada ya leƙo ƙasan silin ya ɓata masa falo. A wurin injiniya kuwa abin a juye yake. Zurfi ake fara tsayarwa, sannan ƙarfin kankare, sai daga ƙarshe lissafi ya faɗi yawan rodin da ya dace. Kuma akwai matakin da in an kai shi, ƙarin rodi ba ya ƙara aminci, sai ma ya ɗauke wa mutanen gida gargaɗin da ginin zai yi musu kafin ya faɗi.

Magina na gargajiya sun daɗe da sanin cewa duk abin da aka shimfiɗa tsakanin bango biyu yana da iyakar tazarar da zai iya tsallakewa. Azara ba ta ƙetare ɗaki mai faɗi ita kaɗai, shi ya sa suka ƙirƙiro bakan gizo da daurin guga, irin waɗanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Bim na kankare da rodi ya zo ya ba mu damar tsallake mita biyar ko shida a miƙe ba tare da baka ba. Sai dai shi ma yana da tasa iyakar, kuma lissafi ne ke nuna ta, ba ido ba.

Ɗauki karan dawa ka riƙe shi a bakinsa biyu, wani ya danna tsakiyarsa. Zai lanƙwashe, bayansa na sama ya tattare, cikinsa na ƙasa ya miƙe, kuma daga ƙasan nan zai fara tsagewa. Abin da ke faruwa a cikin bim ke nan idan yana zaune a kan ginshiƙi biyu da kaya a kansa: sama matsi, ƙasa ja. A tsakaninsu akwai wani layi inda babu matsi babu ja. Kankare gwani ne wajen jure matsi, amma rago ne wajen ja, domin abin da yake jurewa na ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da yake jurewa na matsi ba. Saboda haka injiniya ba ya ma lissafa kankaren ƙasan bim a cikin ƙarfinsa. Yana ɗauka ya riga ya tsage, ya bar wa rodi aikin ja gaba ɗaya. Aikin kankaren da ke ƙasa shi ne ya riƙe rodin a wurinsa, ya kare shi daga tsatsa da wuta.

Hanyar lissafin da ake bi a yau ita ce lissafin iyaka. Injiniya yana tambayar kansa: ta waɗanne hanyoyi ne wannan bim zai daina amfani? Ta farko ita ce ya karye, wato iyakar rushewa. Ta biyu ita ce ya tsaya bai faɗi ba amma ya yi ciki, ya tsattsaga filastar bangon da ke kansa, ƙofofi su daina rufuwa, wato iyakar amfani. Ana fara lissafi da ta farko, sannan a duba ta biyu. Dabarar kuwa ita ce a ƙara nauyin kaya a takarda fiye da yadda ake zato, a kuma rage ƙarfin kayan gini ƙasa da yadda aka auna, kowane gwargwadon rashin tabbas ɗin da ke tattare da shi. A ƙa'idar Birtaniya ta BS 8110, wadda ta fito a 1985 kuma har yanzu injiniyoyi da yawa a Nijeriya da ita suke aiki, nauyin ginin kansa ana ninka shi da 1.4, nauyin mutane da kayan ɗaki kuma da 1.6, domin an fi sanin nauyin bulo a kan sanin yawan jama'ar da za su taru ranar suna. Ƙarfin kankare ana raba shi da 1.5, na rodi da 1.15, tunda rodi daga masana'anta yake fitowa, kankare kuwa a filin aiki ake kwaɓa shi da shebur da kwano. Birtaniya ta koma ƙa'idar Turai ta Eurocode 2 tun 2010, inda ake ninkawa da 1.35 da 1.5, kuma waɗannan lambobi biyu ne ke cikin ƙa'idar Faransa ta BAEL da aka saba da ita a Nijar. Lambobin sun ɗan bambanta, tunanin ɗaya ne.

Bari mu ɗauki bim ɗaya mu bi shi tun daga farko.

Gidan zama ne mai hawa ɗaya. A ƙasa akwai falo, kuma bim ɗin zai tsallake mita 5 daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. A kansa akwai dakin mai kaurin milimita 150, kuma bim-bim ɗin suna jere da tazarar mita 3, don haka namu yana ɗauke da mita ɗaya da rabi na dakin daga dama, mita ɗaya da rabi daga hagu. A sama kuma an tsara bangon bulo mai inci tara, tsayin mita 3, zai zauna daidai a kansa.

Faɗin bim ba ya ba da wahala. A yawancin gidajenmu ana ɗaukar milimita 230 don ya yi daidai da kaurin bulo mai inci tara, ya ɓace a cikin bango. Zurfi shi ne abin nema. Injiniya yakan fara da ƙiyasi, ya raba tazarar da wani abu kamar 12, wanda a nan zai ba shi kusan milimita 420, sai ya ɗaga zuwa 450 da kafintoci suka saba da shi. Wannan ƙiyasi ne kawai, lissafi ne zai karɓe shi ko ya ƙi shi.

Sai a tara kaya, ana auna abin da ke kan kowace mita ɗaya ta tsawon bim ɗin. Ma'aunin shi ne kilonutan, ana rubuta shi kN, kuma ɗaya daga cikinsa kusan nauyin kilo 100 ne, wato buhun siminti biyu. Kankare mai rodi yana da nauyin kN 24 a kowace mita ta ko'ina, tsawo da faɗi da tsayi. Dakin ɗinmu ke nan yana da kN 3.6 a kowace murabba'in mita, in an ƙara tayil da siminti da filastar ƙasa ya kai 4.8, a ninka da mita 3 ya zama 14.4. Bangon bulo da filastarsa kusan kN 3.5 ne a murabba'in mita, sau tsayin mita 3 ya zama 10.5. Bim ɗin kansa 2.5. Jimillar nauyin da ba ya motsi 27.4. Na mutane da gadaje da kujeru, ƙa'ida ta ba gidan zama kN 1.5 a murabba'in mita, sau 3 ya zama 4.5.

w = (1.4 × 27.4) + (1.6 × 4.5) = 45.6 kN/m

Wato a takarda an ɗora wa kowace mita ɗaya ta bim ɗin nauyin da ya haura buhun siminti casa'in. A lura da abu ɗaya a nan, domin yana da amfani ga duk mai gini: bangon nan shi kaɗai ya ninka nauyin mutane da kayansu fiye da sau biyu. Wanda ya zo daga baya ya ce a raba ɗakin sama gida biyu da bulo, a wurin da zane bai nuna bango ba, ya ɗora wa bene abin da ya fi taron biki nauyi, kuma taron biki yana watsewa da dare, bango ba ya tashi.

Nauyi kaɗai ba shi ke karya bim ba, sai ya haɗu da tazara. Abin da ake nema shi ne ƙarfin lanƙwasa, wanda ake yi wa alama da M, kuma ga bim mai zaune a kan ginshiƙi biyu ya fi tsanani a tsakiya:

M = wL²/8 = 45.6 × 5² / 8 = 142.5 kNm

Tazarar ana ninka ta da kanta. Ma'ana in aka cire ginshiƙi ɗaya don falo ya yi faɗi, tazara ta ninka biyu, lanƙwasa ba biyu za ta ninka ba, huɗu za ta ninka.

Yanzu an zo wurin da zurfi ke nuna kansa. Milimita 450 ɗin nan ba duka ke aiki ba. Zurfin da lissafi ya sani, wanda ake kira d, yana farawa daga saman bim ya tsaya a tsakiyar rodin ƙasa. A cire milimita 25 na kankaren da ke rufe ƙarfe, a cire 10 na kaurin ringi, a cire rabin kaurin rodi mai 20, wato 10. Saura 405. Da wannan ake gwada ko kankaren sama zai iya jure matsin da zai sauka a kansa. Mun ɗauka kankarenmu mai ƙarfin 25 ne, wato in an zuba shi a ƙaramin akwati mai milimita 150 ta ko'ina, aka jiƙa shi kwana 28 aka matse shi a inji, zai jure nutan 25 a kan kowace murabba'in milimita. Wannan ƙarfi shi ne fcu, faɗin bim kuma b.

K = M / (b × d² × fcu) = 142,500,000 / (230 × 405² × 25) = 0.151

Wannan ƙaramar lamba ita ce alƙalin aikin gaba ɗaya. Ƙa'ida ta ce kada K ta wuce 0.156. Tamu ta tsaya a 0.151, ta tsallake, amma da ƙyar. Dakin ɗin da aka zuba tare da bim yana taimaka masa wajen ɗaukar matsi a tsakiyar tazara, kuma injiniya na iya lissafa wannan taimako in ya so. A nan mun bar shi a matsayin rara, mun ɗauki bim ɗin shi kaɗai da kusurwoyinsa huɗu.

Daga ina 0.156 ta fito? A ganina wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci a cikin batun, kuma amsarta ba ta buƙatar a je jami'a. Rodi da kankare ba iri ɗaya suke gazawa ba. Rodi in ya kai iyakarsa ba ya tsinkewa nan take, miƙewa yake ta yi. Bim ɗin sai ya fara yin ciki, tsagar ƙasa ta buɗe har a gan ta daga nesa, filasta ta zubo, mutane su ankara su fita, a kawo tokara. Kankare kuwa ba ya miƙewa ba ya jira. In matsi ya takura shi da kusan milimita uku da rabi a cikin kowace mita, farfashewa yake yi gaba ɗaya. Tunda dole ɗayansu ne zai riga gazawa in kaya ya yi yawa, masu ƙa'ida suka zaɓi rodi ya riga. Hanyar tabbatar da haka ita ce a hana layin nan da ke raba matsi da ja sauka ƙasa da rabin d. Idan aka sa wannan sharaɗi a lissafi, abin da ke fitowa shi ne 0.156. Bim ɗin da K tasa ta wuce haka yana gaya maka cewa kankarensa bai isa ba, kuma rodin ƙasa ba zai magance wannan ba. Sai dai a ƙara zurfi, ko a ƙara ƙarfin kankare, ko a lissafa wani rodin a sama ya taya kankare ɗaukar matsi.

Tunda namu ya tsallake, sai a nemi tazarar da ke tsakanin tsakiyar matsin sama da rodin ƙasa. Ana kiranta z, kuma da ita bim ke yaƙar lanƙwasa: matsi yana turawa a sama, rodi yana ja a ƙasa, iya nisan da ke tsakaninsu iya sauƙin aikin kowannensu.

z = d × [0.5 + √(0.25 − K/0.9)] = 318 mm

Ko da K ta yi ƙanƙanta ƙwarai, ba a yarda z ta wuce 0.95d ba. Rodinmu mai zane ne, mai ƙarfin 460, wanda ake yi wa alama da fy. In an raba da 1.15, wato an ninka da 0.87, sai ya dawo 400. Bugun ƙa'idar na 1997 ya yi amfani da 0.95 maimakon 0.87, kuma injiniyoyi da dama a Nijeriya kan ɗauki 410 maimakon 460 saboda irin rodin da ke kasuwa. In aka haɗa waɗannan biyun ana samun kusan 390, bambancin ba yawa.

As = M / (0.87 × fy × z) = 142,500,000 / (400 × 318) = 1120 mm²

Ga amsar. Ba a ce rodi huɗu ko shida ba, an ce in ka yanke bim ɗin a tsakiya ka dubi bakin rodunan ƙasa, jimillar faɗin fuskarsu kada ta gaza murabba'in milimita 1120. Ana iya gwada gaskiyar wannan ta wata hanya mai sauƙi. Rodin zai ja da ƙarfin 400 sau 1120, wato kN 448, kusan tan 45. Kankaren sama, wanda ƙa'ida ta yarda a ɗora masa 0.45 na ƙarfinsa kawai, zai tura da kN 448 shi ma, a kan faɗin 230 da zurfin kusan milimita 174 daga sama. Ninka 448 da mita 0.318, sai ga 142.5 ta dawo. Duk dogayen lambobin nan abin da suke faɗa ke nan: tan 45 na turawa a sama, tan 45 na ja a ƙasa, da ɗan nisan da bai kai kamu biyu ba a tsakaninsu.

Saura a mayar da 1120 zuwa abin da ake saya a kasuwa. Rodi mai 12 fuskarsa 113 ce, mai 16 tana da 201, mai 20 tana da 314, mai 25 kuma 491. Mai 20 guda uku 942 ne, bai kai ba. Guda huɗu 1256, ya isa har da ɗan rara. A zane za a rubuta 4Y20. Amma takarda ba ta gama magana ba sai an tabbatar za su shiga. Daga faɗin 230 a cire murfin kankare 25 dama da hagu, a cire ringi 10 dama da hagu, saura 160. Roduna huɗu sun ci 80, saura 80 a raba wa gurbi uku, kowane ya samu kusan milimita 27. Tsakuwar da aka saba zuba wa bim milimita 20 ce, ƙa'ida kuma tana son gurbin ya fi tsakuwa da aƙalla 5. Ya wuce, shi ma da ƙyar. Wanda ya ce a yi da mai 16 don shi ne a ajiye, zai buƙaci guda shida, kuma ba za su zauna a layi ɗaya ba. Dole a yi musu layi biyu, tsakiyar rodin ta hau sama, d ta ragu, a sake lissafi.

To, a koma ga mai ginin da ya ce a sa shida masu 20. Fuskarsu 1884. Kafin waɗannan su kai ga miƙewa sai sun ja da kN 750 da ɗoriya, kuma kafin kankare ya mayar da irin wannan sai matsi ya ci kusan milimita 290 daga sama, alhali d ɗin duka 405 ce. Ba za a kai nan ba. Kankaren sama zai farfashe tun rodin bai ji jiki ba. Ƙarfin bim ɗin zai ɗan ƙaru, ba a musu, amma ba daidai da kuɗin da aka zuba ba, kuma an musanya gazawa mai gargaɗi da gazawa ta farat ɗaya. Ga kuma matsalar ranar zubi: roduna shida a cushe cikin 160 ba sa barin tsakuwa ta wuce, sai a kwance katako a tarar da ƙasan bim ramuka-ramuka, rodi a tsirara, birkila ya bi da siminti ya shafe kafin kowa ya gani.

Gwada akasin haka. A bar faɗi yadda yake, a ƙara zurfi daga 450 zuwa 600. Bim ya ɗan ƙara nauyi, M ta koma kusan 146, amma K ta faɗo zuwa 0.082, z ta haura zuwa kusan 498, rodin da ake buƙata ya sauko zuwa kusan 730. Mai 16 guda huɗu, wato 804, sun wadatar. Ƙarin milimita 150 na kankare ya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na rodi, ya nisanta bim ɗin daga iyakar haɗari, ya kuma rage yin ciki. In kuwa aka bi son mai falo aka rage zurfin zuwa 350, K za ta haura 0.26, nesa da abin da ƙa'ida ta yarda. Dalilin duka biyun ɗaya ne: a cikin lissafin K ana ninka d da kanta, don haka kowane inci na zurfi yana da nauyin magana fiye da kowane inci na faɗi.

Kafin injiniya ya sa hannu akwai sauran dubawa, zan ambace su a gurguje. Rodin ƙasa kada ya gaza kashi 0.13 cikin ɗari na fuskar bim ɗin, kada kuma ya wuce kashi 4. Namu yana wajen 1.2. Tazara in an raba ta da d ta ba da 12.3, ƙa'ida kuma ta yarda har kusan 19 a wannan hali, don haka ba zai yi cikin da zai dami kowa ba. Sai ringi, wanda lissafinsa daban ne: a bakin kowane ginshiƙi akwai kN 114 da ke neman yanke bim ɗin a karkace, kuma ringi ne ke tare wannan, shi ya sa ake matso da su kusa da juna a bakin ginshiƙi. Haka kuma duk abin da muka lissafa na bim ne mai zaune a kan ginshiƙi biyu. Wanda ya zarce ta kan ginshiƙi na uku, ko wanda ya leƙa waje yana ɗauke da baranda, jansa a sama yake a daidai kan ginshiƙin, can rodin aiki zai koma. Baranda da aka sa wa babban rodi a ƙasa daidai take da wadda ba a sa wa komai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda lissafi mai kyau ke lalacewa tsakanin takarda da katako, ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba. Ɗauki kankare. Mun gina komai a kan 25. Idan masu kwaɓa suka cika ruwa don ya yi musu sauƙin ɗauka, ko yashin ya zo da laka, ko aka ƙara baro ɗaya a kan kowane buhu, ko aka bar zubi ya bushe a rana da iskar hunturu ba a shayar da shi mako guda ba, ƙarfin zai iya tsayawa a 20. A wannan bim ɗin K ta koma 0.189. In ya tsaya a 15, ta koma 0.25. Rodi bai canza ba, zurfi bai canza ba, amma bim ɗin ya fita daga ƙa'ida, ya dogara da rarar da aka bari don wasu abubuwan. Haɗin da aka saba na ɗaya-biyu-huɗu da ake aunawa da kwano ba tabbacin 25 ba ne. Tabbacin shi ne a ɗebi samfur ranar zubi a kai ɗakin gwaji, kuma kuɗin wannan bai kai na rodi biyun da mai gini ke son ƙarawa ba.

Ɗauki rodi kuma. Abin da aka sayar maka da sunan mai 20, in aka sa ma'auni aka samu 18, kada ka ce milimita biyu ne kawai. Fuskarsa ta sauko daga 314 zuwa 254, kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi. Huɗu sun zama 1016, ƙasa da 1120 da ake nema. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce sikeli: mita ɗaya ta rodi mai 20 ya kamata ta kai kilo 2.47, ta mai 16 kilo 1.58, ta mai 12 kilo 0.89. A yanki mita ɗaya a ɗora.

Sai ɗan abin nan da ake rainawa, biskit, ƙananan dunƙulen siminti da ake sa wa a ƙarƙashin ringi don ƙarfe ya tashi daga katako. In babu shi, rodi zai kwanta a kan katako, damina biyu uku tsatsa ta kama shi, ta kumbura ta fasa kankaren. In kuma aka tokare da ɓallin bulo mai kauri, rodin ya hau sama da milimita 40, d ta koma 365, K ta tsallaka 0.18.

Bim ɗin da ke tsaye yana ba da labarin kansa ga wanda ya san karatun tsaga. Siririyar tsaga a tsaye, a ƙasan tsakiyar bim, wadda faɗinta bai kai milimita 0.3 ba kuma ba ta ƙaruwa, ba abin tsoro ba ce, domin lissafi ya riga ya san da ita. In tana buɗewa wata bayan wata, bim yana yin ciki, to rodi ya fara miƙewa, a rage kaya a kira injiniya. Tsagar da ta bi tsawon bim a layin rodi da jan ruwa a bakinta, tsatsa ce. Wadda ta taso a karkace daga kusa da ginshiƙi ta nufi sama, ko kankaren da ke ɓarewa a saman tsakiyar bim, waɗannan ba a kwana da su: a fitar da mutane, a tokare, sannan a yi shawara. Kada a shafe ko ɗaya daga cikinsu da filasta kafin masani ya gani.

Misalin da muka bi na bim ɗaya ne, mai tazarar mita 5 da kayan da muka lissafa masa. Kada kowa ya ɗauki 4Y20 ya kai wa nasa ginin, domin ƙarin mita ɗaya a tazara kaɗai zai ɗaga M daga 142.5 zuwa 205. Mai shirin ɗora bene ya nemi injiniyan gini mai rajista, a Nijeriya wanda ke da hatimin COREN, ya karɓi zanen rodi a hannunsa, ya kuma roƙe shi ya zo ya duba ɗauri kafin a zuba. Ranar nan, kafin ka tambayi yawan rodi, ka sa a auna maka zurfin katakon bim da tef a gabanka, ka ga biskit a ƙarƙashin ringi da idonka, ka kuma ce a ɗebi samfurin kankaren a kai gwaji.